Masu shiga shago sun ƙaru, ciniki bai ƙaru ba: me zan faɗa wa Hajiya?

Assalamu alaikum Malam. Ni nake kula da shagon intanet na Hajiyarmu a nan Agege, muna sayar da atamfa da leshi da abaya. Wancan makon Google Analytics ya nuna mutum 2,400 sun shigo, muka samu oda 48. Makon da ya ƙare mutum 3,600 ne, amma oda 45 kacal, shi kuma Analytics ɗin 33 ya rubuta. Duk Litinin sai Hajiya ta tambaye ni yaya kasuwa, na rasa lambar da zan kama. Me ya kamata in riƙa bi, kuma yaya zan yi mata bayani?

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsakanin 45 da 33, kama 45, in dai kuɗin duk arba'in da biyar ɗin sun shiga asusun Hajiya. Littafin oda da alat na banki su ne shaidar ciniki. Analytics kamar yaron da aka zaunar ne a bakin ƙofa yana ƙirga masu shiga da fita: yana ganin wanda ya shigo, da wanda ya taɓa kaya, da wanda ya juya, amma akwai cinikin da ake ƙullawa ta bayan kanti ba ya gani. Saboda haka kada ka tambaye shi nawa aka sayar. Tambaye shi a ina mutane suke juyawa.

Dalilin da ya sa bai ga goma sha biyun nan ba sananne ne ga duk mai kasuwa a Legas. Ba ya rubuta an yi saye sai burauzar mai sayen ta buɗe shafin godiya, wancan na ƙarshe mai cewa an karɓi oda. Wata za ta zaɓi biya ta tura kuɗi, ta fita daga shafinku ta shiga manhajar bankinta, ta tura, ta ɗauki hoton rasit ta aiko muku ta WhatsApp, shi ke nan ba za ta sake komawa shafin ba. Wani zai biya da kati, kuɗi su fita, sabis ya ɗauke kafin a mayar da shi shafin godiya. Wasu kuma burauzarsu na toshe abin ƙirgar gaba ɗaya. Duk waɗannan kuɗinsu na hannunku, amma a idon Analytics sun gudu ne a bakin biya. Ba za ka taɓa rufe wannan giɓin duka ba, kuma ba lallai ne ka rufe ba. Abin da za ka yi shi ne ka riƙa raba lambar Analytics da ta littafi kowane mako. A naka, 33 cikin 45 ya kama kusan kashi 73 cikin 100. Idan mako bayan mako yana yawo tsakanin 70 da 80, ma'auninka lafiyarsa lau, ka san iya ƙarfin idonsa. Ranar da ya faɗo 30, ba kasuwa ce ta mutu ba, wani ne ya taɓa shafin ya tsinke abin ƙirgar. Ranar da ya haura 100 kuma, ana ƙirga saye ɗaya sau biyu.

Wannan na biyun ya taɓa ba ni kunya. Shekarun baya ina yi wa wani Alhaji mai turare aiki, na je masa da murna cewa ciniki ya kusa ninkawa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya jawo wayarsa ya ce in nuna masa inda kuɗin suka shiga. Ashe masu saye ne suke sake buɗe shafin godiya don su duba lambar odarsu, kowace buɗewa ana rubuta sabon saye, domin wanda ya haɗa abin bai tura `transaction_id` ba. Da wannan lambar ce Analytics yake gane cewa wannan odar ya riga ya gan ta. Tun ranar ban sake kai wa mai shago lambar da ban gwada ta da asusun banki ba.

Yanzu ga abin da ya ɓace a tambayarka. Ka kawo mini bakin mazurari da gindinsa, ba ka kawo tsakiya ba, alhali amsar tana tsakiyar. Masu wannan aiki suna kamanta shago da mazurarin mai sayar da man gyaɗa: sama faɗi, ƙasa tsuke, mutane da yawa sun shigo, kaɗan ne suka kai ga biya. Tsakanin shigowa da biya akwai matakai uku da nake so ka riƙa rubutawa: waɗanda suka buɗe shafin wani kaya, waɗanda suka sa kaya a kwando, da waɗanda suka shiga shafin biya suka fara cike adireshi. A Google Analytics 4, wanda shi ne ya rage tun da tsohon ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yuli 2023, sunayensu ke nan a jere:

```
session_start
view_item
add_to_cart
begin_checkout
purchase
```

Shiga Explore, ka zaɓi Funnel exploration, ka jera su haka. Amfanin wannan wurin shi ne mutane yake ƙirgawa, ba dannawa ba. Mace ɗaya mai haɗa lefe za ta iya sa turmi tara a kwando. Idan ka ɗauki Event count za ka ga tara, ka ɗauka mutum tara ne. Haka nan kada ka tara masu shigowa na kowace rana ka ce na mako ne, domin wadda ta leƙo Litinin da Laraba da Juma'a za ta zama mutum uku. Zaɓi kwana bakwan a dunƙule, Litinin zuwa Lahadi, ka kwafi abin da ya ba ka. Mataki na biyar kuwa ka cike shi daga littafin oda, ka ajiye na Analytics a gefensa don wancan gwajin da muka yi a sama.

Kowane mataki za ka raba shi da wanda ke samansa kai tsaye, ba da masu shigowa ba. Tun da ba ka kawo lambobin ba, bari in cike da na misali, mu ga yadda ake karantawa. A ce a makon farko, cikin 2,400 da suka shigo, 1,500 sun buɗe kaya, 300 sun sa a kwando, 120 sun shiga shafin biya, 48 sun biya. Wato kusan 63 cikin 100 sun buɗe kaya, 20 cikin 100 na waɗannan sun sa a kwando, 40 cikin 100 na masu kwando sun nufi biya, 40 cikin 100 na waɗanda suka nufi biya sun biya. Wannan shi ne hoton shagonku a ranar da yake lafiya.

Mako na biyu zai iya zuwa da fuska biyu, dukansu da 3,600 a sama da 45 a ƙasa, amma ciwon ba ɗaya ba ne, maganin ma haka.

Fuska ta farko: 1,900 sun buɗe kaya, 310 sun sa a kwando, 118 sun shiga shafin biya, 45 sun biya. Duba ƙasan: 118 cikin 310 kashi 38 ne, 45 cikin 118 shi ma 38 ne. Kusan yadda yake a da. Wanda ya yi niyyar saye ya saya ba tare da wani cikas ba. Abin da ya sauya yana can sama: an samu ƙarin mutum 1,200 a bakin ƙofa, amma masu kwando mutum goma kawai suka ƙaru. Wannan 'yan kallo ne. Ko dai kun biya talla a Instagram ta je wa waɗanda ba masu sayen leshi ba, ko wani bidiyonku ya yaɗu, ko wata mai mabiya ta ambace ku. Shagon ba abin da ya same shi; taro ne ya yi yawa sai kason ya dishe, kamar an ƙara wa kunu ruwa.

Don ka tabbatar, je Traffic acquisition ka raba mutanen bisa inda suka fito. A nan za ka ci karo da wata matsala tamu ta nan gida: yawancin wanda ya danno daga WhatsApp yakan faɗa ƙarƙashin Direct, kamar da hannunsa ya rubuta adireshin, don haka ba ka bambance wanda ya zo daga sitatus ɗin Hajiya da wanda ya zo daga zauren matan unguwa. Maganin shi ne duk adireshin da za ku yaɗa ku maƙala masa wutsiya mai faɗin inda aka sa shi:

```
?utm_source=whatsapp&utm_medium=status&utm_campaign=sabon_leshi
```

Rubuta su da ƙananan haruffa kullum, domin `WhatsApp` da `whatsapp` layi biyu zai ba ka. Idan ka raba, a ce ka ga mutum 1,200 ɗin nan na talla ne, oda uku suka kawo, sauran 2,400 kuma suka kawo 42. In tallar ta ci naira 60,000, kowace oda ta tsaya muku a naira 20,000. Sai ka tambayi Hajiya nawa ne ribarta a oda ɗaya. In ta ce dubu bakwai, ai magana ta ƙare, ita da kanta za ta ce a dakata. Sai dai ka yi wa tallar adalci ka ba ta mako ɗaya ko biyu kafin a yanke mata hukunci, don leshi mai tsada ba a cika sayensa a ganin farko ba; wata sai ta nuna wa ƙawarta, wata sai albashi ya shigo.

Fuska ta biyu ita ce mai tayar da hankali. A ce 2,250 sun buɗe kaya, 450 sun sa a kwando, 180 sun shiga shafin biya, 45 sun biya. Lissafa ka gani: matakai ukun farko sun tsaya daram a inda suke, 63 da 20 da 40. Baƙin da suka ƙaru masu saye ne na gaske, sun zaɓi kaya, sun zo za su biya. Amma na ƙarshen ya faɗo daga 40 zuwa 25. Da ya tsaya a 40, da oda 72 kuka samu. Kun yi asarar oda 27, kuma idan oda ɗaya takan kai naira 35,000 a tsaka-tsaki, naira 945,000 ne suka zo har bakin aljihun Hajiya suka koma. Mai kallon 48 da 45 kawai zai ce ai kasuwa na nan yadda take.

In ka ga haka, ajiye kwamfuta ka ɗauki waya, irin wadda masu sayenku ke riƙewa, da data ba da wayafai na shago ba. Shiga ta cikin Instagram kamar baƙo, domin burauzar da ke cikin manhajar ba ɗaya take da Chrome ba, kuma abu yakan yi aiki a ɗaya ya ƙi a ɗayar. Sayi abu mafi arha a shagon, da kuɗinka, har ƙarshe. Ka maimaita da adireshin Ikorodu, da na Ajah, da na Kano. A nawa aikin, abin da na fi tararwa a wannan matakin kuɗin kai kaya ne. Mai mashin ya ƙara farashi, kuka gyara a shafi ranar Talata, kuma mai saye ba ta ganin kuɗin sai ta gama cike adireshi. Ta zo da niyyar atamfar naira 18,000, ta ga an ɗora mata dubu biyar ko shida don a tsallaka gada a kai mata Lekki, sai ta tuna kasuwar Balogun na nan ba inda ta je. Bayan wannan sai gyaran da aka yi wa shafi: an sabunta wani abu da daddare, maɓallin biya ya ɓuya a bayan allon rubutu na waya, ko jerin jihohi ya daina buɗewa, ko hanyar tura kuɗi ta ɓace ya rage sai kati.

Littafin oda ma yana magana a nan. Idan WooCommerce, manhajar shago da ke kan WordPress, kuke amfani da shi, ƙirga odar da ta maƙale a Pending payment da wadda ta koma Failed ko Cancelled a makonni biyun. In a da goma ne yanzu talatin, mutane sun danna biya ne abin ya ƙi, sai ka buɗe shafinku na Paystack ko Flutterwave, duk wanda yake karɓar muku kuɗi, ka karanta dalilin da aka rubuta a gaban kowace: kuɗi ba su isa ba, banki ya ƙi, ko mai saye ya watsar kafin ya sa lambar da aka turo masa. In kuwa waɗannan ba su ƙaru ba, mutanen sun juya ne tun kafin su danna, kuma wannan ya fi kama da kuɗin kai kaya. Idan an haɗa muku `add_shipping_info` da `add_payment_info`, saka su a tsakanin matakai biyun ƙarshe, za su nuna maka daidai inda aka tsaya. Sannan waɗanda suka maƙale ɗin nan sun bar lambar waya. Kira biyar daga cikinsu cikin ladabi ka tambaya ko an samu matsala. Abin da mutum biyar za su faɗa maka a minti goma, wani lokacin ya fi yini guda kana kallon zane-zane.

Tun da mun zo kan WooCommerce, ka kula da abin da kake kira oda. Wadda aka zaɓi tura kuɗi ta banki takan zauna a On hold har sai kun tabbatar da alat, wadda kuma za a biya in an kai kaya takan shiga Processing tun ba a ga ko sisi ba. Kai ma ka san nawa ne mai mashin ke dawowa da su: an kira ba a ɗaga ba, ta ce launin ba shi ba ne, maigida ya hana. Don haka ka riƙe lamba biyu, odar da aka yi da odar da aka biya, kuma ka lissafa kowace a makon da aka yi ta. Odar Asabar da kuɗinta suka shigo Talata ta wancan makon ce. In mako ya zagayo ka koma ka gyara layin, ka faɗa wa Hajiya ka gyara. Cinikin da aka fara aka gama a WhatsApp ba tare da an bi ta kwando ba, ba shi gurbinsa daban. In ka zuba shi cikin mazurari, matakin ƙarshe zai kumbura ya ɓoye maka ɓarnar da ke ciki.

Sai tambayar da ta fi kowace muhimmanci kafin ka buɗe baki a gaban mai shago: sauyin nan na gaske ne, ko kuwa kaɗawar kasuwa ce ta yau da kullum? Ƙananan lambobi suna rawa da kansu ko da ba abin da ya faru. Akwai wani awo mai sauƙi da nake yi: nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da adadin odar da kuka saba samu, sannan ka ninka ta biyu. Ga oda 48, bakwai sau bakwai 49 ne, don haka bakwai, ninkinsa 14. Ma'ana shagon da ya saba yin 48 zai iya yin 36 wannan makon, 59 mako mai zuwa, ba tare da wani ya yi laifi ko ya yi bajinta ba. A Google Sheets, in adadin yana B2:

```
=2*SQRT(B2)
```

Awon ba na kotu ba ne, na gane hanya ne, amma yana hana mutum ihu a banza. Da shi za ka ga cewa saukowa daga 48 zuwa 45 ba labari ba ne sam. Labarin yana wani wuri: da mutum 3,600 sun saya yadda aka saba, biyu cikin ɗari, da an ga oda 72. Rawar 72 ba ta wuce 17 sama ko ƙasa, wato daga 55 zuwa 89. Naku 45 ya faɗo ƙasa da wannan sosai. To wannan sauyi ne na gaske, ya cancanci a bincika. Wannan awon ne kuma zai hana ka yanka lambobi ƙanana-ƙanana har su zama banza. Idan masu iPhone sun yi oda shida wancan makon, uku wannan makon, kada ka rubuta cewa sun ragu da rabi. Mutum uku ne. Wataƙila biki suka tafi.

Kada kuma ka gwada mako da wanda ya gabace shi kaɗai, ka gwada shi da tsaka-tsakin makonni huɗun baya. Makon da albashi ya shigo ba a haɗa shi da na tsakiyar wata. Kayanku kuma na lokaci ne: dole a sayi yadi da wuri don tela ya samu ɗinkawa, saboda haka atamfa da leshi suna tashi tun kafin azumi da farkonsa, abaya da ɗinkakku su ɗauka a goman ƙarshe, bayan Sallah kuwa kowa ya san shiru ake yi. Irin wannan makon da takwaransa na bara ake gwada shi, da lissafin watan Musulunci, tun da Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. A nan akwai tarko: Explore ba ya ajiye bayanai sama da wata biyu sai an ce masa ya ajiye. Yau ɗin nan ka shiga Admin, Data retention, ka mayar da shi 14 months. Abin da ya riga ya goge ba zai dawo ba, shi ya sa takardarka ta Sheets, layi ɗaya kowane mako, ta fi komai daraja. A ƙarshen kowane layi bar gurbi ka rubuta abin da ya faru: an ƙara kuɗin kai kaya ranar kaza, baƙin leshi ya ƙare, an sa talla, ruwa ya hana masu mashin fita kwana biyu. Bayan wata shida, wannan gurbin ne zai fassara maka lambobin.

Ƙananan abubuwa biyu ka duba sau ɗaya ka huta. Agogon Analytics ya zama na Legas, haka na WordPress. In an bar shi a na yammacin Amurka, awa takwas ko tara yake bayanmu, sai cinikin safiyar Litinin ya faɗa cikin Lahadi, makonninka su ƙi haɗuwa da littafi. Sannan idan kuɗin da yake nunawa sun ninka na gaske sau ɗari, kwabo aka tura masa a matsayin naira, domin Paystack da kwabo yake lissafi a tsakaninsa da shafi. Kai da yaran shago kuma da kuke buɗe shafin sau hamsin a rana, kuna cikin masu shigowar nan. Ana tace su ta lambar IP, amma a kan datar waya lambar sauyawa take yi, don haka ya fi sauƙi ku ware burauza ɗaya mai toshe ƙirga ku riƙa aiki da ita.

Batun ranar Litinin kuwa, ka roƙi Hajiya a mayar da zaman Talata da yamma ko Laraba. Analytics yakan ɗauki awa 24 zuwa 48 kafin lambobin rana su zauna, don haka abin da ka kwafa Litinin da safe game da Lahadi bai gama nuna ba. In ta matsa, ba ta na littafi ranar Litinin, oda nawa, kuɗi nawa, sauran ya biyo baya.

Kuma in ka zo bayani, bar kaso a takardarka. Hajiya ta fi ka sanin kasuwa, tun kafin a yi intanet take ƙirga riba, amma in ka ce mata an sauko daga kashi 2 zuwa 1.25, za ta ji kamar ƙasa da ɗaya ne ya ragu, abin da bai kai a tashi daga kujera ba. Ce mata a cikin kowane mutum 400 da suka shigo, da takwas ne ke saye, yanzu biyar. Wannan a take za ta gane shi. Fara da kuɗi, don shi ta tambaya. Sannan wuri ɗaya da ya sauya, ba biyar ba. Sannan ka raba abin da ka gani da idonka da abin da kake zato, ka faɗi wanne ne wanne. Ka rufe da shawara ɗaya da take buƙatar ta ce e ko a'a. Kada ka tura mata hoton allon Analytics. Saƙon da za ta karanta tsakanin la'asar da magariba ya isa, ko ka karanta mata shi da murya. In fuska ta biyu ce ta fito, ga yadda zan rubuta:

"Hajiya barka da yamma. Makon da ya ƙare oda 45 aka biya, naira 1,575,000. Mun saba yin wajen 48, don haka kuɗin da suka shigo ba su yi nisa da na kullum ba. Sai dai mutane sun ƙaru sosai, kuma 180 ne suka zo har wurin biya, maimakon 120. A da cikin kowane mutum goma, huɗu ke biya, wannan karon bai kai uku ba. Da sun biya yadda aka saba, da mun ƙara oda kusan 27. Na gwada saye da wayata, biya yana tafiya lafiya. Abin da na gani shi ne raguwar ta fara ne ranar Talata, ranar da muka ƙara kuɗin kai kaya tsibiri, kuma uku cikin mutum biyar da na kira sun ambaci kuɗin. Zatona shi ne dalili, amma ban tabbatar ba tukuna. In kin yarda, mu rubuta kuɗin kai kaya a jikin kowane kaya tun daga farko, mu bar komai yadda yake har mako biyu, in kawo miki abin da ya fito."

Ka lura na ce a bar komai yadda yake. In a mako ɗaya kuka rage kuɗin kai kaya, kuka sauya hotuna, kuka ƙara talla, ciniki ya tashi, ba wanda zai iya cewa wanne ne ya yi aiki, kuma za ku ci gaba da biyan kuɗin ukun. Da oda arba'in da 'yan kai a mako, gyara ɗaya yana buƙatar mako biyu, wani lokacin uku, kafin a bambance tasirinsa da rawar lambobi. Mako mai zuwa kuma, da sakamakon wannan gyaran za ka buɗe saƙonka, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, tun kafin ta tambaya.

Yanzu ka je ka ciro lambobin tsakiyar nan uku na makonni biyun, da adadin odar da ta maƙale ba a biya ba, ka jera su kusa da juna. In matakin da ya faɗi na sama ne, nemi wanda ya sa talla ka tambaye shi nawa ya kashe, kuma su wa ya ce a nuna wa. In na ƙasa ne, ɗauki wayarka ka sayi ɗankwali ɗaya zuwa Ajah.